Barcin da Takarda Ba Ta Tambaya Ba

Shekarar da autata ta shiga ajin ƙarshe a jami'a, gidanmu na Makera ya koma kamar ofis. Ilimin halayyar ɗan Adam take karanta, kuma kowane ɗalibi sai ya kawo batun binciken da zai yi, malamar da ke duba shi ta sa hannu. Sau biyu ana dawo mata da nata. Na farko, tsoron jarrabawa a Najeriya, malamar ta ce ya yi faɗi, ko shekara goma ba za ta gama ba. Na biyu, yadda ɗalibai ke karatu, ta ce ba a san abin da za a auna ba. Na uku ne ta ɗan sassauta: alaƙar yawan barci da fargabar jarrabawa tsakanin 'yan ajin farko. Amma da sharaɗi, sai ta gwada takardar tambayoyinta a kan mutane kaɗan an ga tana aiki. Ranar Juma'a za a rufe karɓa. Wanda bai samu shiga ba sai zango mai zuwa, 'yan ajinsa su fita su bar shi.

Ranar Talata da la'asar na tarar da ita a tsakar gida da ƙawarta, wata 'yar ajinsu Kirista daga Narayi, sun baje takardu a tabarma. Fuskar autata ba annuri.

"Baba, sannu da zuwa," in ji ƙawar. "Zo ka ga 'yarka. Mai binciken fargaba, fargaba ta kama ta."

"Ke dai bari," in ji autata. "Baba, amsoshin ne ba su da kai. Wasu sun rubuta barcin awa huɗu, kuma sun ce hankalinsu kwance yake. Ni na san 'yan ɗakunan kwanan jami'a, ba mai rayuwa a haka."

Na ce su ba ni guda in cika. Suka kwashe da dariya.

"Wace jarrabawa gare ka, Baba?"

"Babba ma kuwa, tana gaba. Miƙo."

Boko na iya karanta shi a hankali, amma hannuna da ajami ya saba. Da Turanci takardar take, autata ta fassara mini, ina rubutawa daga dama. Ƙarfe nawa ka kwanta jiya? Sha ɗaya. Ƙarfe nawa ka tashi? Biyar saura, don asuba. Na duba gaba, sai tambayoyin bugun zuciya da gumin hannu. Na juya takardar, babu komai a baya. Sai na ƙara layi biyu a gefe, kamar yadda muke yi wa littafi sharhi.

"Baba, ka ɓata mini takarda. Me ka zana nan?"

"Barcin da ba ki tambaya ba. Bayan asuba, kafin hantsi, nakan koma in yi awa guda. Ga kuma ƙailula kafin azahar. Ke kanki da kika idar da salla yau, wa ya yi ta buga miki ƙofa?"

Ta jawo takardun tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Babu suna a kansu, haka ƙa'idar take, amma duk masu ƙarancin barcin nan wajen biyar suka rubuta. Ƙawar ta dafe kai.

"Mu ma fa haka! Masu zuwa addu'ar safe a coci, suna dawowa suke bin gado."

Tambayoyin daga wani littafi ta samo tsarinsu, inda aka ɗauka mutum sau ɗaya yake kwanciya, sau ɗaya yake tashi. Kafin magariba sun sake zana takardar: kwana bakwai, kowace rana da gurbin barcin dare, na bayan asuba, da na rana.

Na tambaye ta, "To, rashin barcin ne ke kawo tsoro, ko tsoron ke hana barci?"

"Wannan binciken ba zai faɗa ba, Baba. Iyakarsa ya nuna ko suna tafiya tare."

Amsar ta yi mini daɗi, don ina son mai cewa ban sani ba.

Ranar Alhamis ta kai wa malamar tsohuwar takarda da sabuwa, har da tawa. Ta ce malamar ta daɗe tana juya rubutuna, ta sa aka karanta mata, ta yi dariya, sannan ta sa hannu. Ta kuma ce kada a tara amsoshi cikin azumi, don barcin watan daban ne.

Alhamdu lillahi, autata ta fita tare da 'yan ajinta. Takardar da na cika tana nan cikin gafakata. Har yau in ƙawar ta zo ta tarar ina ƙailula, sai ta ce a bar Baba, bincike yake yi.