Hutun Farko na Halliru Mai Ban Ruwa

Shekara goma sha ɗaya Halliru, mutumin Kurugu, ya yi yana ban ruwa a gandun renon itatuwa na gwamnati kusa da Karaye. Leburan kullum ne, ranar da ya zo ita ake biyansa. In zazzaɓi ya kwantar da shi, kuɗin ranar ya wuce ke nan. Abokin aikinsa Ilu kuwa, da yake ma'aikacin dindindin ne, yana da hutun shekara, ga fansho na jiransa.

A 1992 aka tantance tsofaffin leburori, Halliru ya samu takardar dindindin. Da shekara ta zagayo, shugaban gandun ya ce ya tafi hutun mako biyu.

Halliru ya ce, "Ranka ya daɗe, laifin me na yi?"

"Ba kora ba ce, Malam Halliru. Kana gida albashinka na tafiya."

Bai yarda ba. Washegari da sassafe sai ga shi a gandun da bokitinsa, har sai da Ilu ya ɗora shi a keke, sauran ma'aikata suna ta dariya, ya mayar da shi gida. A hutun nan ya cire gyaɗarsa tsaf, sannan ya kai matarsa Baraka ganin danginta a Zoza.