Hanyar Kabarin Ɗan Farina

Sai da 'yata ta ajiye salula a ɗaki, ta ɗauko kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, sannan na yarda na buɗe baki. Ita ke rubuta wannan, kuma rabinsa a kanta yake. Na ce ta sa kowace magana yadda na faɗe ta, ko ta yi mata zafi. Ban san baƙi ba, amma za ta karanta mini in ji.

Ɗan farina namiji ne. Ban taɓa kiran sunansa ba. A ƙauyenmu, can wajen Sassumbrum, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai. Haka na tarar, haka na yi.

Bai kai yaye ba aka yi shekarar da hatsi ya ƙi. Ni da maigidana muka kama hanya da ƙafa, za mu wurin danginsa a ƙetaren iyaka. A hanya zazzaɓi ya kayar da ni a wani ƙauye, wata tsohuwa ta shigar da ni ɗakinta. Ban san inda kaina yake ba. Yaron kuma zawo ya kama shi. Maigida ya saɓa shi a kafaɗa ya yi gaba neman mai magani. Kwana biyu ya dawo, zanen goyo a ninke a hannunsa. Ya ajiye mini zanen a gefen tabarma ya ce, "Sai haƙuri."

Ban tambaye shi inda ya binne shi ba. Ɗan fari ne, da wane baki? Shi ma bai faɗa ba. Muka haifi bakwai bayansa, muka aurar, gashinmu ya yi fari tare, maganar nan ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Amma babu daminar da ruwa ya sauka ban ce a raina ko yana sauka a kan yaron nan ba.

Bara ciwo ya kwantar da maigida, aka kawo shi gidan likita a Magariya, inda 'yar nan tawa take koyarwa a lakwal, makarantar boko. Wata rana da hantsi ya dube ni ya ce in je in nemo masa kunu. Mutumin da ya kwana uku ko ruwa sai an lallashe shi. Na gane kora ce. Na ɗauki kwano na fita.

Abin da ya faru bayan fitata, daga bakinta na ji shi. Ya ce mata, "Kina da wa. Zan gaya miki inda yake, ki rubuta wa uwarki. Ni ba zan iya duban idonta in faɗa ba."

Ba ta zo da takarda ba. Salula ce a hannunta, kuma a cikinta akwai abin nan da ake rubuta masa magana ya mayar da amsa, wanda take shirya darasi da shi kullum. Maganar uban nata tana gaba tana baya, ya ambaci gari ya koma wanda ya wuce, sai ta ga gara ta zuba a ciki ya jera mata.

Ya ce, "Wa zai gani?"

Ta ce, "Da sunan mijina aka buɗe shi, Baba. In ya duba tasa salular zai ga hirar."

Ya ce, "Surukina ya karanta cewa na binne ɗana ni kaɗai, ko likkafani babu? A'a. Bar shi."

Ta ce akwai wata hira ta wucin gadi, wadda ba ta shiga jerin tsofaffin hirarraki, babu wanda zai ganta. Ya ce to, wannan. Ta danna.

Ya yi ta faɗa, ita tana rubutawa tana kuka. Sunayen ƙauyuka, rijiyar da ya sha ruwa, mutumin da ya ara masa fartanya, itacen da ya sa alama da shi. Abin ya jera mata hanyar tun daga ɗakin tsohuwa har kabari, ta karanta masa, ya gyara wuri biyu, ya ce haka ne. Ta ce a ranta in ta koma gida za ta kwafe a kaye. Can sai likita ya shigo ya miƙa mata takardar magani da wani suna da ba ta sani ba. Hannunta ya yi abin da ya saba, ta buɗe sabuwar hira don ta tambayi sunan maganin. Da ta koma neman ta farko, babu.

Ta juya ga ubanta don ya sake faɗa, ya riga ya yi barci. Da yamma harshensa ya yi nauyi. Bayan kwana biyu ya cika.

Ni kuwa a waccan ranar, na dawo da kunu ya huce a kwano. A bakin ƙofa ta raɗa mini, tun kafin likita ya zo, cewa Baba ya faɗi inda yaron yake, bayanin yana cikin salula. Na zauna a ƙasa. Ban ce ta karanta mini a lokacin ba, don yana jin mu. Kunya ta sake rufe mini baki, a ƙofar ɗakin da amsata take ciki.

To ga inda raina ya fi ɓaci. Rubuta, kada ki tsaya. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Duk zuwanta sai in ce, "Yana nan?" Ta ce, "Yana nan, Inna, bari ki fita takaba." Ni kuwa ina zaune ina shirya tafiya. Na ware zanen da zan sa. Na yi magana da ƙanen maigida zai raka ni. Ranar da na fita, na yi wanka na ce ta karanta. Ta durƙusa a gabana ta ce babu shi tun ranar.

Ban mare ta ba. Na so.

Na ce ƙarya ne, abin da ya shiga ƙarfe yana cikin ƙarfe. Washegari na sa ta gaba har kasuwar Magariya, wurin wani mai gyaran salula, dattijo mai tabarau, wanda aka ce ya taɓa fito wa mutane da hotunan da suka goge.

Ya saurare mu, ya duba, ya ce, "Iya, hoto a cikin salula yake kwana, shi ya sa wani lokaci in an goge ana samun sawunsa. Wannan hirar ba a taɓa ajiye ta a nan ba. Tana kan gilashi ne muddin tana buɗe. An rufe, ta tafi."

Na ce, "Buɗe bayanta ka duba."

Ya ce, "Ko na farfasa ta ƙwaya-ƙwaya, ba zan samu abin da ba a sa ba."

Na ce, "To a tambayi shi mai amsar. Ba shi ya jera hanyar ba? Da kunnensa ya ji."

'Yata ta rubuta masa a gabana. Ya amsa cewa ba shi da hanyar ganin hirar wucin gadi da ta wuce, kuma ba ya riƙe komai daga cikinta. Ya ƙara da yi mana ta'aziyya. Wannan ta'aziyyar ta fi komai ƙona mini rai. Ka jera hanyar kabarin ɗana da hantsi, ka manta kafin azahar, sannan ka ce mini sannu.

Mai gyara ya ce, "Ba mantuwa ba ce, Iya. Haka aka gina shi, kuma a saman hirar ana rubuta cewa ba za a ajiye ba. Alkawarin da aka yi wa mai danna shi ke nan. In da akwai wata ƙofa ta baya da ni zan iya shiga, da surukin ma zai iya."

Na ce, "Masu abin fa? Su ma ba su da shi?"

Ya ce waɗansunsu kan riƙe kwafi na ɗan lokaci a wurinsu, don duba masu ɓarna, ba don su mayar wa mutum ba, kuma in lokacin ya cika sai ya goge. Ya tambayi yaushe aka yi. Da ya ji wata huɗu da ɗoriya sai ya cire tabarau ya miƙo mana salular. Bai karɓi ko dala ba.

A hanyar gida na ce mata, "Da kin faɗa mini a makon farko fa?" Ta ce ta rubuta wa masu abin tun a lokacin, sun amsa cewa irin wannan hirar ba a dawo da ita. Ta ce ta ɓoye mini ne don kada baƙin ciki biyu ya haɗu mini. Na ce ai kin haɗa mini uku.

Ina fushi da ita. Malamar lakwal, wadda kullum take cika wa 'ya'yan mutane allo da rubutu, ta rasa guntun takarda a gidan likita, inda takarda ke ko'ina. Ina fushi da maigida, Allah ya jiƙansa, da ya fi jin kunyar suruki a kan ya tausaya mini. Shekara nawa muna kwana ɗaki ɗaya, yana da hanyar nan a kansa, ya zaɓi ya ba wa ƙarfe, kuma ya zaɓi ƙarfen da aka ce masa ba ya riƙewa. Abin ya yi masa daidai abin da ya roƙa. Ya ce kada kowa ya gani, ga shi kuwa babu wanda ya gani, har da ni.

Kuma ina fushi da kaina. Baki gare ni. Ko sau ɗaya, muna sussuka ko muna cin tuwo, da na ce, "Malam, ina ka sa shi?" da ya faɗa.

Abin da ya rage a kan 'yata kaɗan ne, don ta ce hannunta ne ke rubutu, hankalinta yana kan numfashin ubanta. Ta tuna rijiya mai baki biyu. Ta tuna gawo a gabas da ita. Ta tuna an ambaci Mallawa, amma ba ta san ko kafin kabarin ba ne ko bayansa. Da wannan muka hau kabu-kabu ni da ƙanen maigida, muka yi kwana uku muna tambaya. Mun ga rijiyoyi, mun ga gawo ba iyaka. A wuri biyu tsofaffi suka ce a da rijiyarsu baki biyu gare ta. Na tsaya a duka biyun na yi addu'a, ban san a wanne nake yi wa ƙasar banza ba.

Yanzu rubuta wannan a ƙasa, da manyan baƙi. Rijiya mai baki biyu. Gawo a gabas. Mallawa. Sannan ki sa sunansa. Matso da kunnenki in gaya miki, ban taɓa faɗa ba. Daina kuka, za ki jiƙa takardar. In kin gama ki ba ni kayen, a ƙarƙashin zanen goyonsa zan sa shi.