Farar ƙasar da na shafa wa piriz

Firijo guda nake da shi. Da shi nake ci tun rasuwar maigidana: ƙanƙara da lamurje, ina ɗaurawa a leda ina saidawa a ƙofar gida, nan Gazawa. Ban yi lakol ba, wato boko. Abin da ya lalace a gidana ni ke gyara shi. Na yi yaɓen katanga da hannuna, na hau soro na toshe yoyo. Ban saba kiran kowa ba.

Piriz ɗin ɗakin, wato inda ake soka wayar firijo a bango, ya daɗe da sakwarkwacewa. In na soka, sai kan wayar ya zame. Na yanko robar tayar keke na ɗaure shi da ƙusa. Wayar ma ɓera ya ci ta a wuri guda, na murɗe na naɗe da leda. Da rana in na taɓa wurin sai in ji zafi. Wani lokaci yana ƙara, cir-cir, yana warin roba. Bango ya yi baƙi daga saman piriz ɗin, kamar gindin tukunya.

Ɗiyata tana aure a Maradi. Rannan muna magana a salula na yi suɓul da baka, na ce firijo yana ɗaukewa yana dawowa.

Ta ce, "Inna, ki sa a ɗauko hoton wurin a turo mini. Yayan maigidana gyaran kuran yake yi, aikin wutar lantarki, zan nuna masa."

Nan ne na tsaya. Yayan mijin ɗiya suruki ne. Mutanen gidansu 'yan kasuwa ne, ɗakunansu da siminti da fenti. Ranar ɗaurin aure na ara tabarmi don kada su ga tawa. Yanzu kuma in tura musu hoton baƙin bango da robar taya, a riƙa miƙa salula hannu zuwa hannu ana kallon ɗakin uwar amaryarsu?

Na zare wayar. Na kwance robar, na cire ƙusar. Na goge fuskar piriz da toka da busasshen tsumma. Ramin hagu ya narke, bakinsa ya yi ruwan ƙasa, sai na dangwala masa farar ƙasa, na bi bangon da ita. Wayar mai leda na tura ta bayan firijo. Da ya bushe, na leƙa katanga na kira maƙwabciyata. Yarinya ce mai kitso, tana da salula mai hoto, kuma a firijona take ajiye fura.

Ta shigo tana dariya. "Inna, kwalliya aka yi wa bango? Ko miji za a turo wa hoton?"

"Ɗauki ki ba ni wuri, mai bakin tsiya."

"To matsa, kada ki fito a ciki ki kore shi."

Ta ɗauka, ta tura.

Bayan la'asar ɗiyata ta kira, surukin yana kusa da ita. Ban yi magana da shi kai tsaye ba, ita ce a tsakani, amma ina jin muryarsa.

Ya ce, "Ki gaida Inna. A hoton ban ga ƙuna ba, sai tsaga a gefen murfin. Amma hoto ba ya jin wari, ba ya jin zafi. Tambaye ta, wurin yana zafi in ta kai hannu kusa? Yana wari? Yana ƙara ko tartsatsi? Kan wayar yana zama daram, ko yana lilo?"

Duk abin da ya lissafa akwai shi. Na ce, "Ce masa lafiya lau. Ɗaukewa kawai yake."

Ya ce, "To in haka ne, sati mai zuwa ina da aiki wajen Agiye, zan ƙaraso in canza murfin. Amma in ta ga baƙi, ko ta ji ɗaya cikin waɗannan, ta kashe kuran daga kwanta, wato mitar wuta, kada ta sake soka komai a wurin, ta kira ni ranar. Wannan ba ya jiran sati."

Na ce na gode. Ana kashe salula na mayar da ƙusa da roba.

Kwana huɗu bayan nan, ranar kasuwa, na tafi sayen sukari da citta. Na bar wa maƙwabciyata makulli kamar kullum. Da azahar ta shigo ɗaukar furarta, ta tarar hayaƙi yana fita daga bango. Ita ta ga wurin fari tas da idonta, ta ji an ce mai gyara ya duba hoto. Ba ta san wuta ta daɗe tana ci a ciki ba. Ta kai hannun dama ta fizge kan wayar. Robar ta narke, ta manne mata a tafi da yatsu, kuran ya watsar da ita jikin ƙofa. Mijinta ne ya ji ihu, ya ruga ya kashe daga kwanta, ya watsa yashi a wurin.

A gidan likita na same su. An naɗe hannun har wuyansa. Ta dube ni ta ce, "Inna, ƙanƙararki za ta narke."



Washegari surukin ya zo a babur. Na shimfiɗa masa tabarma, na ajiye ruwa, na koma bakin ƙofa na juya gefe. Mijin yarinyar yana nan da wasu maƙwabta biyu. Surukin ya duba kwanta ya tabbatar a kashe take, ya gwada wurin da wani ɗan sukundireba mai fitila, sannan ya kwance murfin. Ciki ya zama gawayi. Ya ce wayar ba ta ɗaure da kyau a ciki ba, inda ya yi sako-sako nan yake zafi, firijo kuwa ba ya hutawa. Ya jawo wayar da na naɗe da leda ya dube ta. Ya kai farce ya kankare bangon. Farar ƙasar ta zube, tsohon baƙin ya fito.

Ya daɗe yana kallonsa. Bai dube ni ba.

Mijin yarinyar ya ce, "Malam, kai ba ka ga wannan a hoto ba?"

Surukin ya ce, "Ban gani ba. Da na zo da kaina tun ranar."

Ya ɗauke mini laifin. Ya bar su suna ganin shi ne bai iya aikinsa ba. Na ji ɗaya yana cewa masu gyaran birni sai baki.

Na dafa ƙyaure na ce, "Ba laifinsa ba ne. Ni na shafe wurin kafin a ɗauki hoton. Ya tambaye ni zafi da wari, na ce babu."

Surukin ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yanke ƙonanniyar waya.

Da yamma na shiga gidan yarinyar na faɗa mata da bakina, kafin ta ji a waje. Tana zaune, hannun a kan cinya.

Ta ce, "Kin san haka, kika ba ni makulli?"

Na ce, "Na sani."

"Don kada surukai su ga bango."

"I."

Ta juyar da kai. Ta ce, "Jeki, Inna. Ba yau ba."

Hannun ya warke, amma yatsu biyu sun ƙage. Tana kitso har yanzu, manya-manya. Ƙananan nan da amare ke layi a kansu ta daina. Muna gaisawa ta katanga. In ta yi daka ina karɓar taɓarya, wani lokaci ta ba ni, wani lokaci ta ce ta gama.