Gayyar da Aka Yi wa Gonar Gwajina

Aikin jami'a ban neme shi ba, shi ya neme ni, kuma daga nan kaina ya fara kumbura. Na gama digiri a fannin noma da sakamako mai kyau, ina dawowa daga bautar ƙasa shugaban sashenmu ya aika aka kira ni. Ya ce malaman sashe sun zauna sun duba waɗanda suka fi maki a ajinmu, sun ba da sunana. Aka yi mini 'yan tambayoyi, aka ɗauke ni mataimakin malami.

Sunan ya fi abin girma. Za a ba ka ɗan albashi, a yafe maka kuɗin karatun digiri na biyu, kai kuma ka riƙa maka takardun ɗalibai, ka tsare jarrabawa, ka shiga da 'yan aji ɗaya ɗakin gwaji. Amma ba tabbatacce ba ne kai. Duk shekara sai an sabunta ka, kuma ba a sabuntawa sai malamin da ke duba bincikenka ya cike fom ya ce kana ci gaba, kwamitin sashe ya amince, sannan a tura sama. Shekara biyu aka ba mu mu gama. In an ƙara maka ta uku, alfarma ce. In ba a sabunta ba, albashi da yafiyar kuɗin karatun tare suke tafiya.

Lokacin tsuke bakin aljihu ne. Albashin kan zo a makare, in ya zo ma kafin tsakiyar wata ya yi sallama. Motar sashenmu tana kan duwatsu, kuɗin bincike kuwa sai dai ka ji tsofaffin malamai suna ba da labarinsa. Shekarar farko ta tafi a aji da yajin aiki. A ta biyu na zo yin gwajin gona, aka ce babu kuɗin leburori a gonar jami'a. Farfesan da ke duba aikina, wani dogon mutum da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya ce, "Ba ka ce mahaifinka manomi ne ba? Je ka roƙi fili a wajensa."

Bincikena a kan gyaɗa ne da ciyawa: a gano asarar da manomi ke yi in ya makara wajen noma. Baba ya yankar mini wuri a gonarsa ta bakin hanya, kusa da wata tsamiya, a ƙauyenmu da ke gaba da Makoɗa. Na raba shi gida goma sha shida, na kafa fegi, na ja igiya, na maƙala wa kowane fili lambarsa. Huɗu za a nome su da wuri, huɗu a tsakiya, huɗu a makare, huɗu kuma ba za a taɓa sa musu fartanya ba har girbi, don da su ake auna sauran. Na rubuta lambobi na zuba a hula na ja ƙuri'a, don kada a ce na zaɓi wuri mai kyau. Baba yana tsaye yana kallona.

"Yanzu wannan cacar ita ce karatun?" in ji shi.

Da na zauna na yi masa bayani, da ba a kai ga abin da aka kai ba. To, ni malamin jami'a ne, ina sauri. Na ce, "Baba, ba za ka gane ba. Kawai kada a taɓa mini komai, ni zan riƙa zuwa ina yi da kaina." Ya ce to.

Na yi noman huɗun farko da hannuna, na koma ɗakina na haya a Rijiyar Zaki. Jarrabawa ta zo, aka jibge mini takardu, albashi kuma ya ƙi fitowa, babu kuɗin mota. Sati uku ban leƙa gida ba. Hankalina kwance, don a lissafina sai ƙarshen sati na uku ne lokacin noman huɗun tsakiya. Ana nan fom ɗin sabuntawa ya fito, kwamiti zai zauna mako mai zuwa. Na kai wa Farfesa, ya ce shi ba ya sa hannu a kan gonar da bai gani ba. Ranar Asabar ya ɗauke ni a tsohuwar fijo ɗinsa, ni kuma tun daga Dawanau nake cika masa baki cewa ko daga kan titi zai ga bambancin filayen.

Muka iso. Na duba hagu, na duba dama, na ce ko mun wuce ne. Ga dai tsamiyar, ga hanyar, ga gyaɗa kore shar, amma ko tsinken ciyawa babu. Ba fegi, ba igiya, ba lamba. An nome ta fes daga wannan kai zuwa wancan, an gyara kunyoyi, har da ɗan baƙi-baƙin taki a gindin shuka. Wallahi ban taɓa ganin gona mai kyau kamarta ba, kuma ban taɓa jin ina son in kwanta a ƙasa in yi birgima irin na ranar ba.

Sai ga Baba ya taho da babbar rigarsa ta Juma'a, bayansa ƙanensa da wasu dattijan unguwa. Ya gaisa da Farfesa hannu bibbiyu, sannan ya juyo gare ni yana murmushi.

"To, malam, ka ga aiki?"

"Baba, me ya faru da gonata?"

"Gayya muka yi mata."

Ashe tun da harƙiya da ƙarangiya suka rufe filayen, Baba bai ƙara samun sukuni ba. Gonar bakin hanya ce, duk mai zuwa kasuwa sai ya gani. A majalisa aka fara cewa ɗan wane ya yi karatun noma har ya manta yadda ake yinsa, ya nome nan ya tsallake can kamar mai wasan dara. Baba ya jure kwana goma, sannan ya kira gayya. Mutum kusan talatin suka fito, har da mai gangar noma, Inna ta dama kunu tulu biyu. Ƙanen Baba ya ba da mangala huɗu na takin awakinsa. Wani maƙwabcinmu ma, da ya sha layin kwana biyu kafin ya sami rabin buhun takin zamani, ya ɗebo kwano guda ya barbaɗa a inda ya ga shukar ta fi ramewa. Fegin kuwa suna hana fartanya tafiya, sai aka cire su, aka ɗaure da igiyar tsaf, aka ajiye mini a rumbu kada gara ta ci.

"Baba, ai na ce kada a taɓa!"

"Ka ce, mana. Kara ce ka yi mini. Wane ɗan kirki ne zai buɗe baki ya ce wa ubansa je ka nome mini gona? Ko ni haka zan faɗa wa nawa uban."

A garinmu in an miƙo maka tuwo ka ce alhamdulillahi, ba a ɗauke kwanon, ƙara turo shi ake yi. Ni na sani, a nan aka haife ni. Na juya na dubi Farfesa, sai na ga ya ba mu baya, kafaɗunsa suna rawa. Ranar na fara ganin haƙoransa, har da giɓi.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, aka kawo fura. Farfesa ya sha ya ƙoshi, sannan ya ɗauki tsinke ya zana gida goma sha shida a ƙasa, ya yi wa Baba bayanin da na ce ba zai gane ba. Bai kai rabi ba Baba ya tari numfashinsa.

"Wato waɗanda aka bari da ciyawa su ne mudun awo."

"Su ne, Alhaji."

"Mu kuma mun fasa mudun."

"Kun fasa."

Baba ya tambaya ko za a iya sakewa bana. Farfesa ya ce damina ta yi nisa, sai baɗi. Baba ya tambaya to me zai sami yaron. Farfesa bai ɓoye masa ba. Ya ce shekaruna biyu sun ƙare, in kwamiti bai ƙara mini ta uku ba, babu aikin, kuma kuɗin karatun sai dai in biya da kaina. Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na so in yi fushi da shi, amma tausayinsa ya hana ni.

A hanyar komawa na roƙi Farfesa ya rubuta cewa aiki yana tafiya daidai, ni kuma zan san yadda zan yi. Ya taka birki har kaina ya bugi gilashi. Ya ce shi ba ya sa hannu a kan ƙarya, kuma in har zan iya tsayawa in yi wa ɗalibai ɗari biyu bayani amma in kasa yi wa mahaifina, to laifin ba na gayya ba ne. Abin da ya rubuta a fom shi ne an yi asarar gwajin bana gaba ɗaya, tsarin aikin yana da kyau, yana ba da shawarar a ƙara shekara ɗaya.

Ranar kwamiti ina bakin ƙofa a kan benci. Daga baya sakataren sashe ya ba ni labari. Wani Dakta ya tambaya fari ne ko ƙwari. Farfesa ya ce gayya ce, sai da shugaban sashe ya bubbuga tebur kafin dariya ta lafa. Daktan bai yi dariya ba, ya ce doka doka ce, akwai yara masu maki suna jiran gurbi. Shugaban sashe ya tuna masa an dakatar da ɗaukar ma'aikata, in aka sallame ni babu wanda za a ba su, takardun 'yan aji ɗaya kuma sai a raba wa manya. Nan take Daktan ya gano cewa yaron yana da hazaƙa. Aka sabunta ni shekara ɗaya, da albashi da yafiyar kuɗin karatu, aka rubuta cewa ita ce ta ƙarshe.

Da damina ta zagayo, ruwa ya sauka, na koma gonar nan ta bakin hanya, na sake kafa fegi. Wannan karon Baba ne ya riƙe hular na ja ƙuri'a. Ciyawa ta fito, ta yi tsawo, ta shaƙe filaye huɗun nan har ba a ganin gyaɗar. Majalisa ta koma kan Baba, ana cewa tsufa ya kama shi, abin ɗan ya shafi uban. Kullum in ya gama aikinsa sai ya zo gindin tsamiya ya zauna gadi, kada wani mai tausayi ya taimaka. Na zo wata rana na same shi zaune ya ba gonar baya, yana fuskantar hanya. Na ce, "Baba, mai gadi ai abin da yake gadi yake kallo."

"Kai dai ƙyale ni," in ji shi. "In na juya, hannuna ba zai ji maganata ba."