Leshin matar Yaya

Shekarar da na gama sakandare, ina zaune a gida a Kazaure ba aikin fari ba na baƙi, Yayana ya sayo wa matarsa leshi ruwan zuma daga Kano. Kuɗi sun shigo ƙasa a lokacin, kowane ma'aikaci yana so a gani a jikin iyalinsa. Ita tana gidansu a Roni tana wankan jegon fari, saura kwana goma ta yi arba'in, kuma da riga da siket na leshin nan yake so ta dawo.

Telan da zai ɗinka namiji ne, ba zai auna matar aure ba. Ya ba ni tef ɗinsa mai laushi, ya ce ƙirji da ƙugu da mazaunai kawai yake so, kada in ƙara kada in rage, sakin ɗinki aikinsa ne. Ya kuma ja mini kunne cewa yadin ba shi da rara, yanka ɗaya ne.

Ni da ita dama ba ma shiri. Tana ce mini 'yar boko, ni kuma ina ganin iyayinta ya yi yawa.

Da na isa Roni, ina fito da tef uwarta ta ɗaure fuska.

"Mai jego za ki auna? Mu a nan sai mutum ya mutu ake kawo kara a gwada shi."

"Inna, tela ne ya aiko ni, ba masu haƙan kabari ba."

"Ji bakinta. Abin da ake koya muku ke nan?"

Na yi kamar ban ji ba. Na ce wa matar Yaya ta kwance zanen da aka tamke mata ciki da shi, ta cire jigida, ta bar shimi kawai. Sai da muka yi kusan rabin awa a kan wannan.

Jaririyar ta soma kuka, na ce a dakata da ba ta nono, don da ƙirji a cike za a sa rigar. Na zagaya tef ta ƙarƙashin hammata, ya bi ta inda ƙirjin ya fi tudu, na ce ta sauke hannuwa. Na leƙa bayanta na ga ya zame ƙasa, na ɗaga shi ya daidaita da gaba. Inci talatin da takwas.

Ƙugu kuwa na sa ta karkata gefe, inda jiki ya lanƙwashe sama da cibiya kaɗan na ɗora tef. Nan take ta zuƙe ciki ta riƙe numfashi, har jijiyar wuyanta ta fito.

"Saki numfashin."

"Haka nake."

"To mu tsaya, in ga wa zai fara gajiya."

Ta sauke shi da tsaki. Tef ya kwanta a jiki bai nutse ba: talatin da uku. Ta haɗa ƙafafu, na bi ta inda mazaunai suka fi faɗi, arba'in da ɗaya. Kowanne sau biyu na yi, duk ɗaya, na rubuta a takarda.

Da na karanta mata sai ta ce ƙarya nake. Wai da aka yi mata ɗinkin aure talatin da huɗu ne, da ashirin da takwas, da talatin da bakwai, ta haddace.

"Lokacin ba ki haihu ba, ba ki yi wata guda kina shan kunun kanwa ba."

"So kike a ɗinka mini buhu a yi mini dariya a gidanku. Na san ki. Abin da na faɗa za ki rubuta."

Uwar ta ce, "Rubuta mana. Ke kika haifa mata jikin?"

Raina ya gama ɓaci. Na juya takardar na rubuta nata, na karanta musu da ƙarfi, suka ce yawwa. A mota na yi ta juya takardar nan. Na san wanne ne daidai, na san yanka ɗaya ne. Da na isa shago gefen nata na nuna wa tela, don in ga ƙarshen taurin kai.

Ranar da ta dawo gidan ya cika da mata. Rigar ta tsaya mata a ƙirji, siket ya ƙi wuce cinya, sai da mutum biyu suka taya ta fita daga ciki. Ina daga bakin ƙofa ina jin daɗina.

Wata gwaggonta da ta rako ta ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo rigar.

"Ke mai tef, sa mu gani."

Da na ƙi, da ya fi. Na sa don in nuna ba na tsoro, ta zauna mini cif kamar don ni aka yanka.

"Ashe kanta ta auna," in ji gwaggon.

Na zaro takardar na nuna gaba da baya, amma ba mai karatu a cikinsu, matar Yaya kuma ta sunkuyar da kai ta ƙi shaida cewa ita ta sa na rubuta. Yaya kaɗai ya karanta. Ya ga lambobin gaskiya da rubutun hannuna, ya tambaye ni tun da na sani me ya sa na kai ɗayan. Wata uku bai amsa gaisuwata ba, a Roni kuwa har yau ni ce wadda ta so cinye leshin matar wanta.