Ramin Fabrairu a Shagon Hatsi

A cikin dukkan ilmummukan da ɗan Adam ya wahala a kansu, daga ƙidayar taurari har zuwa haƙar rijiya, ban ga wanda ya kai sanin watan da aljihu zai bushe daraja ba. Dauloli sun rushe saboda rashinsa. Ni kuwa na shafe ƙuruciyata ina yi wa gwamnati wannan hidima a sashen kuɗi na wata ma'aikata, inda ake yaba hasashen mutum a taro, a sa shi a fayil, a kashe kuɗin yadda aka ga dama. Sai da na yi ritaya sannan aka nemi ilimin nawa da gaske, kuma mai nemansa wata mai sayar da hatsi ce a bayan tashar Jabi.

Mutuniyar Filato ce, mun daɗe muna awo a wurinta. Ni ina ce mata Madam, ita tana ce mini Oga Akawu, duk da na sha gaya mata na wuce akawu da matakai da yawa kafin in bar aiki. Mijinta direba ne a tashar, yana jigilar hanyar Keffi. A ƙarshen Oktoba na je sayen wake, na tarar da su biyu a kan buhu, shi da biro a kunne, ita ta haɗe rai.

"Yawwa, ga alƙali ya zo," in ji ta. "Oga Akawu, zauna ka raba mu."

Maganar ita ce, ta tara naira miliyan uku. Kaka ta yi, hatsi ya yi araha. Tana so ta zuba miliyan biyu da rabi a masara da dawa daga ƙauyukan Kwali, da gero daga arewa, ta kulle a sito har damina ta yi nisa farashi ya tashi. Maigidan ya goyi baya, har ya yi lissafi: ya tara abin da ya shigo a shekarar da ta wuce, ya cire abin da ya fita, ya ga saura mai kyau. Ita ce dai hankalinta bai kwanta ba. Shagon nan shi ne shagonta na farko mai ƙofa da kwado, bayan shekaru tana baza kaya a bakin titi tana gudun jami'an kwashe kaya, kuma ba ta son abin da zai mayar da ita can.

"Alhaji, lissafi ba ya ƙarya," in ji direban. "Shekara ta ba da riba. Mene ne abin tsoro?"

Na ce masa shekara ba ta biyan kuɗin makaranta, wata ne ke biya. Mutum yana iya cin riba a shekara ya kuma rasa na cefane a watan Janairu, kamar yadda kogi mai kaiwa gwiwa a yawancin wurare yake cinye mutum a wuri guda. Na ce a kawo mini takardu.

Ta jawo wani bokitin fenti daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai rasit na dillalai, da takardun injin cirar kuɗi, da tikitin haraji, da katin adashi, da takardar asibiti, da wani katin biki wanda ban san laifinsa ba. Na sa ta karɓo bayanan asusunta daga banki na wata goma sha biyu. Muka ɗauki 'yan kwanaki, kullum bayan la'asar idan kasuwa ta lafa, muna rarraba su wata-wata a kan buhunan shinkafa, kowane tuli da dutsen awo a kansa don iska.

Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake ci. Doka ɗaya na kafa: kuɗi yana shiga watan da ya taɓa hannu, ba watan da aka yi ciniki ba. Tana da masu saye 'yan albashi da ke ɗaukar buhu bashi a tsakiyar wata su biya idan albashi ya sauka, da wata mai gidan abinci da ke biya bayan wata guda idan an yi sa'a. Duk waɗannan muka rubuta su a watan biya. Muka fitar da abin da ba zai maimaita kansa ba, kamar kuɗin tsohon janareta da ta sayar. Muka gano kuɗin da ta kwashe daga aljihun tebur ta zuba a banki, wanda maigidan ya ƙirga sau biyu, sau ɗaya a matsayin ciniki, sau ɗaya a matsayin shigar banki.

"Kai dai fasinja ma sau biyu kake ƙirga su," in ji ta.

"Shi ya sa ban taɓa barin kowa a tsakiyar hanya a Uke ba," in ji shi.

Inda muka sha fama shi ne kuɗin gida. Ta rantse ba ta taɓa kuɗin shago. Na tambaye ta da me ake sayen gas, da me ake biyan makarantar yara uku, da me ake zubin adashi, da me ake baiko a coci. Ta ce ai waɗannan ba kashewa ba ne, larura ne. Na ce na yarda, amma larura ma ta ƙofa ɗaya take fita da sauran. Muka ba ta layinta.

Sannan na samo babbar takarda na ja mata gida goma sha biyu, daga Nuwamba zuwa Oktoba. A saman kowane gida abin da aka shiga watan da shi. Ƙarƙashinsa abin da ake sa ran zai shigo, bisa na bara, tare da ƙari saboda tsadar kaya. Ƙarƙashin wannan abin da zai fita: saro kaya, mota, 'yan dako, wuta, haraji, gida, makaranta a watannin da ake komawa, zubin adashi kowane wata, kwasarsa kuma a sama, a watan da layi zai zo kanta. A ƙasa abin da ya rage, wanda shi ne zai hau saman gida na gaba. Disamba ta yi kyau har zuwa makon Kirsimeti, lokacin da Abuja ke kwashe kanta ta tafi ƙauye. Janairu ta rame. Amma ko da aka zuba miliyan biyu da rabi a sito, babu gidan da ya faɗi ƙasa da sifiri. Direban ya gyara zama irin na wanda kotu ta wanke.

Ni kuma na tsaya ina duban layukan fita. A ofis mun saba, bayan an gama duba abin da ke cikin fayil, sai a tambayi abin da ya kamata a gani amma babu. Akwai wuta, akwai shara, akwai mai gadi.

"Madam, wannan shago gadonki ne?"

"Wane gado? Haya ne."

"To ina hayar?"

"Na biya, Oga Akawu. Tun shigowana. Shekara biyu cur mai shago ya karɓa, ko sisi bai rage ba."

Haka ake yi a garin nan: sabon ɗan haya ya ajiye na shekara biyu kafin a ba shi makulli. Ta shiga a watan Fabrairu, shekara biyun za su cika a Fabrairu mai zuwa. Wato a cikin wata goma sha biyun da muka baje a kan buhuna, babu rana ɗaya da aka biya haya. Bokitin bai ɓoye komai ba, abin da aka tambaye shi ya faɗa. Duk wanda ya kwafi bara ya shimfiɗa a kan baɗi zai ba ta shago kyauta.

Ba mantawa ta yi ba. Ta san haya na zuwa, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu na shekara guda, wakilin mai shago ya riga ya faɗa.

"Ribar sito zai biya," in ji ta.

"Ribar sito yaushe za ta zo?"

"Yuli."

"Haya fa?"

Na rubuta adadin a gidan Fabrairu na sake saukowa da lissafi. Ƙasan gidan ya nuna giɓin dubu ɗari huɗu, kuma giɓin ya bi Maris da Afrilu yana jan ƙafa. Ga shi a fili: ko ta fasa sito a Fabrairu ta sayar wa dillalan da suka san a matse take, ko ta ci bashi mai ruwa, ko a sa wa ƙofar wani kwado.

Direban ya cire biron daga kunne ya duba shi kamar shi ne mai laifin. Ya ce, "To a fasa sayen ke nan?"

Na ce ba a fasa ba, amfanin ganin rami daga nesa shi ne a san inda za a taka. Muka rage sayen kaka da dubu ɗari biyar, gidan Fabrairu ya ɗago kansa da ƙyar. Sai na tuna mata wani abu da ya zo mata da sauƙi. Cinikinta mafi girma a bara ya faɗo ne a ƙarshen Fabrairu da Maris, saboda masu sayen gero da sukari na azumi. Azumi kuwa ba ya zama a wata ɗaya na Bature, kowace shekara yana matsowa da kwana goma da 'yan kai. Wannan karon tsakiyar Fabrairu zai kama, masu tanadi kuma tun farkon watan za su fara zuwa. Muka ɗauko wani kaso na cinikin Maris muka mayar Fabrairu, muka kuma shirya ta fito da geron sito a lokacin, ta bar masara da dawa su jira damina.

"Ashe azuminku zai biya mini haya," in ji ta.

"Rabinta dai. Sauran Kirsimetinku."

Na ce mata takardar ba annabci ba ce. Kowane ƙarshen wata ta rubuta abin da ya faru da gaske kusa da abin da muka zata, ta gyara na gaba. Ta yi hakan, da jan biro, kuma ta fi wasu daraktoci da na sani riƙon alkawari. Disamba ta zarce zatonmu. A Janairu mai gidan abincin ta yi jinkiri, muka matsar da kuɗinta gaba, Madam ta ɗage gyaran rufin sito. Duk lokacin da na je awo sai ta nuna mini ƙasan gidan Fabrairu kafin ta tambayi lafiyar matata Hajiya.

Mako guda kafin wa'adi ta kira ni. Kuɗin haya sun cika, suna banki, ba ta ci bashin kowa ba, masara da dawa suna sito ba a taɓa su ba. Ta aiko mini da kwanon gero na kunu, ta ce kada in kuskura in tambayi a wane layi za ta rubuta shi. Na zauna a ƙofar gida ina jin abin da ban taɓa ji ba a duk shekarun ofis, wato an yi hasashe, an bi shi, ya kuma tsare wa wani mutuncinsa a ranar da aka ce.

Mai shagon ya tafi Umara, wakilinsa bai zo karɓar hayar ba sai ƙarshen Afrilu.