Layuka a Fuskokin 'Yan Aji Shida

Mai Hoto ya ninke zanen da yake lulluɓe firinta da shi, gida huɗu kamar kullum. Ya ajiye zanen a kan kujera, ya shafa bayan injin da tafin hannu yadda ake shafa dabbar da aka daɗe ba a gani ba. Mako shida ke nan rabonsa da shagon, tun ranar da aka cire masa yanar ido.

Shekara talatin da huɗu yana cin abinci da idon nan. Ya fara a ɗakin duhu na wankin hoto, ƙarƙashin jan ƙwan fitila, yana kallon fuskokin mutane suna tasowa daga farar takarda kamar masu fitowa daga barci. Da fim ya mutu bai mutu tare da shi ba. Ya koyi kwamfuta da furfura a gemunsa, ya sayi firinta mai tankin tawada, ya ci gaba. A layin nan an san shi da abu ɗaya, ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana zaune bakin ƙofa da jaka a cinya. Ita ta rako shi, kuma da sharaɗi ta rako shi. Ita da yayyenta sun gama magana: in idon bai koma daidai ba, a rufe shagon, Baba ya zauna gida. Shi kuwa tun safe bai cire baƙin tabarau da likita ya ba shi ba. Ya ce haske ne ke damunsa. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji ya cire, ya tarar duniya ba ta dawo duka ba.

Malamar aji shida ta makarantar bayan layi ce ta fara shigowa, da hoton ɗalibanta masu fita a cikin waya.

"Baba, barka da arziki. Ai na ƙi kai wa kowa, na ce sai ka dawo."

"Kin kyauta, Malama. Guda nawa?"

"Talatin da biyu. Kowane yaro nasa."

Ya tura hoton, firinta ta ja takarda, kanta mai fesa tawada yana kai da komo. Da na farko ya fito ya kama shi ta gefe, ya ɗan karkata shi kamar mai dubawa, ya miƙa mata yana murmushi.

Malama ta kusanto da hoton fuskarta.

"Baba... wannan layukan fa?"

"Waɗanne layuka?"

Kalmar ta riga ta fita kafin ya kamo ta. Ya ji Auta ta miƙe.

"Ga su nan a kwance, daga wannan gefe zuwa wancan," in ji Malama. "Kore-kore. Dubi fuskar shugaban makaranta, kamar an leƙo shi ta bayan asabari."

Ta yi 'yar dariya, ba wanda ya taya ta. Auta ta karɓi hoton, ta dube shi, ta dubi ubanta.

"Baba, ba ka gan su ba?"

Ya ga kansa a kan tabarma ƙofar gida, yana amsa gaisuwar masu wucewa daga safe har yamma. Ya kai hannu a hankali ya zare tabarau. Hasken shagon ya soke shi, hawaye ya cika idon, ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Layukan suna nan, siri-siri, tazararsu ɗaya. To amma an riga an nuna masa su da yatsa, wannan ba gani ba ne.

"Ranar da aka tafi da ni asibiti," ya ce, "wa ya rufe shagon?"

"Ni ce."

"Ta ina kika kashe firinta?"

"Na zare filogi daga bango. Ba kai kake cewa kada a bar komai a jone ba?"

"Ita sai an fara kashe ta da maɓallinta, Auta. Sannan kanta yake komawa gefe ya zauna a kan murfinsa. Da na buɗe ta ɗazu a tsakiya na tarar da shi. Mako shida yana shan iska."

Ya yi musu bayani, don magana ta fi masa sauƙi a kan shiru. A ƙasan kan akwai 'yan hudoji a jere, sun fi gashi siranta, kowace kala da nata. Kan yana wucewa daga hagu zuwa dama, kowace huda tana fesa layinta. In tawada ta bushe a wata, layinta sai ya fito babu kalar. Takarda ta matsa gaba, kan ya sake wucewa, a sake barin gurbi a wuri ɗaya. Shi ya sa layukan suke kwance, tazararsu ɗaya.

"Kore kuma da kuka gani, ruwan hoda ne bai fito ba. In ka cire shi daga fatar mutum, abin da ya rage kore yake komawa."

"Ashe duk korayen mutane ne mu," in ji Malama.

Ya duba tankunan, tawada ba ta yi ƙasa ba. Ya sa farar takarda ya buga gwajin hudoji. Ta fito da gida huɗu, baƙi, shuɗi, ruwan hoda, rawaya, kowanne 'yan gajerun layuka ne a jere kamar matakala. A gidan ruwan hoda matakalar ta zube, giɓi ko'ina kamar bakin tsoho. Wannan ko daga ƙofa ana gani.

Ya danna maɓallin wanke kan firinta. Firinta ta shiga gurnani, famfonta yana zuƙo tawada ta cikin hudojin don ya ɓalle abin da ya daskare. Ta ɗauki minti biyu ko uku. Ya sake buga gwaji. Giɓin ya ragu, bai ƙare ba.

"Ka yi ta dannawa mana har ya fita," in ji Auta.

"Ba a yi mata haka. Biyu, uku in ya matsa, sai a bar ta ta huta wasu awoyi. In ka yi ta yi tawada kawai kake zubarwa."

Ya yi na biyu. Da takardar ta fito bai taɓa ta ba. Auta ce ta ɗauka, Malama ta leƙo ta kafaɗarta.

"Ya cika," in ji Auta.

"Tsaf," in ji Malama. "Baba, buga mana mu tafi."

Ya karɓi takardar. Ya nisanta ta, ya kusanto da ita, har ya sami wurin da sabon idon yake so. Ya bi baƙi daga sama har ƙasa. Ya bi shuɗi. Ya shiga ruwan hoda yana bin matakalar ɗaya bayan ɗaya. Can kusa da ƙasa ya tsaya. Bai yarda da kansa ba, ya koma sama ya sake saukowa. A nan ya sake tsayawa.

"Akwai saura ɗaya."

"Ina?"

Ya ɗora bakin farce. Auta ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa takardar. Ta daɗe.

"Wallahi akwai," ta ce a hankali. "Ɗan mitsitsi. Baba, ta yaya ka..."

Ya danna na uku. Wannan karon ruwan hoda ya fito a cike, layi na bin layi ba yankewa.

Saura rawaya. Rawaya a kan farar takarda, ƙarƙashin fitilar shago, ko yana saurayi wahalar gani take ba shi.

"Kawo in duba maka," in ji Auta.

"Zauna. Malama, ki ba ni minti ɗaya."

Ya riƙe takardar da hannu biyu, ya raɓa ta gefen Auta, ya fita waje inda rana take.